Kofin wuri ɗaya ko na haɗi: wanne ya dace da kai?

Kafin ka ciro kuɗi, tambayi kanka: baƙi kake shan kofi, ko da madara da sukari? Amsar ita za ta raba gardama tsakanin leda mai rubutun "Single Origin" da mai "Blend".

Na farkon yana nufin 'ya'yan kofin daga wuri ɗaya suka fito. Sai dai wurin na iya zama ƙasa sukutum, ko yanki, ko gona guda. Ledar da ta ce Habasha kawai ba ta gaya maka komai sosai ba, domin kofin Harar da na Yirgacefe ba su yi kama a baki ba. Nemi sunan yankin, da yadda aka sarrafa shi, da ranar da aka soya.

Ɗauki na Yirgacefe wanda aka wanke ɓawonsa kafin shanya, aka yi masa suya sama-sama. Giram 15 a ruwan zafi mililita 250, ka tace, ka sha baƙi: ƙamshin fure, ɗan tsamin lemo, ga shi ba nauyi kamar shayi. Na taɓa zuba masa madarar gwangwani, sai ƙamshin ya gudu, tsamin ya tsaya. Kuɗina ne ya tafi a banza, domin ƙamshin nan na saya da tsada. Kuma kofin wuri ɗaya kayan kaka ne. Na bana ba lallai ya zo daidai da na bara ba, wani lokaci ma ya yanke a kasuwa.

Na haɗi kuwa mai suya ne ke gauraya iri biyu ko fiye don ɗanɗano ya tsaya wuri guda duk shekara. Tsohon abu ne: haɗin Moka da Jaba, wato kofin Yaman da na Indunusiya, ya daɗe a kasuwar duniya. Yau sau da yawa na Birazil ake sa wa ya zama gindi, don ba shi da tsami sosai, yana da ɗanɗanon gyaɗa da cakulan, sannan a ƙara ɗan na Habasha don ƙamshi. Wasu kan sa robusta, wani jinsin kofi wanda sinadarin hana barcinsa ya kusa ninka na jinsin arabika, ya ƙara ɗaci da kumfa. Irin wannan madara ba ta danne shi.

Illarsa, a cikin haɗi ake ɓoye tsohon kaya. In leda ba ta faɗi ƙasashen da aka haɗa ba, ga 'ya'yan sun yi baƙi ƙirin suna naso, mai yiwuwa da wuta aka rufe aibu. Rubutun arabika zalla ma jinsin bishiya yake nufi, ba wurin noma ba.

Mai madara da mai shago su ɗauki na haɗi. Mai shan baƙi ya fara da ƙaramar leda ta giram 250, ya shanye cikin wata guda.