Transfa ta tafi lambar da ba ita ba: yadda muka kwashe da kamfanin walat ɗina

Dubu 45 zan tura wa mai shinkafa a kasuwar Singa, ina sauri ana kiran la'asar, lambarshi ta ƙare da 68 ni kuma na danna 86. Suna ya fito a sikirin kafin in sa PIN, wallahi ban ko kalla ba, sai da mutumin ya ce Alhaji ban fa ga alat ba sannan na buɗe risit na ga sunan wani daban. Laifina ne, wannan ban ɗora wa kowa ba.

Da yake akawun ɗin walat ne, lambar waya ce aka cire sifilin farko, sai na mayar da sifilin na kira. Ba a ɗauka ba, daga baya ma aka kashe wayar.

Na shigar da ƙorafi ta cikin manhajar a daren, kuma a nan na yi kuskure na biyu. Na tura musu Transaction ID ina ganin na gama, ashe tunda kuɗin sun fita zuwa wani kamfanin ne ta layin NIBSS, wato tsarin da ke haɗa transfa tsakanin bankuna da kamfanonin walat, abin da ake bin sawu da shi Session ID ne, wata doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ke can ƙasan risit. Kwana biyu cur babu wanda ya gaya min haka, sai saƙon "muna dubawa" kawai, wannan ne ya fi ɓata min rai. Sai da na kira wata ma'aikaciyarsu ta ce Malam turo Session ID, da adadin kuɗin, da rana da lokaci, da lambar da ta karɓa da wadda ka yi niyya, duk a saƙo ɗaya tare da hoton risit. Allah ya saka mata, ita ce ta fahimtar da ni cewa su ba su da ikon zaro kuɗi daga akawun ɗin mutum haka kawai, rubuta wa kamfaninshi za su yi a riƙe abin da ya rage, sannan sai ya amince ko kuma in kawo odar kotu.

Kafin a riƙe, bawan Allah ya riga ya ci dubu 12. Da ya ga kuɗin sun ƙi motsi shi da kanshi ya kira ni, ya amince, rana ta tara dubu 33 suka dawo min. Ragowar ya ce zai biya ƙarshen wata, ni dai ban sa rai ba, kuma kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu sun fi dubu 12 ɗin.

Tauraro uku na ba su cikin biyar. Da sun nemi Session ID tun daren farko, ina kyautata zaton da an riƙe kuɗin kafin ya taɓa su.