Sharhi: maɓallin Samsung mai cire agogo da batir daga sikirinshot

Ina sayar da abaya da gyale daga nan Makka, kuma yawancin masu saye a Kano da Kaduna da Zinder suke. Kusan rabin hotunan da nake ɗorawa a sitatus sikirinshot ne, domin dilolin Jidda da na Shara Mansur da ke nan Makka a sitatus ɗinsu suke baje sabon kaya, ba kowa ke da lokacin turo maka hoto ɗaya bayan ɗaya ba. Saboda haka datse saman hoto da ƙasansa aikina ne na kullum, kuma na daɗe ina yi da hannu kafin in fara amfani da wani maɓalli da ke cikin wayar Samsung.

Ga inda yake. Ka shiga Settings, ka gangara zuwa Advanced features, ka buɗe wurin da sunansa ya fara da Screenshots. A ciki akwai layi mai suna Hide status and navigation bars, sai ka kunna shi. Daga nan duk sikirinshot da ka ɗauka zai fito ba tare da layin sama ba, wato inda agogo da batir da alamar netwok da saƙonnin da suka shigo suke, haka kuma ba layin ƙasa mai maɓallai uku na komawa baya da fita da duba manhajojin da ke buɗe. Hanyar gane ko ya kama ba wuya: ɗauki hoto ɗaya ka duba, in ba ka ga agogo ba to ya yi. Fuskar wayata 1080 ce a faɗi, 2400 a tsawo, kuma layukan nan biyu suna cinye wajen kashi ɗaya cikin goma na tsawon. Wanda ya sauya maɓallan ƙasa zuwa jan yatsa ba zai ga bambanci sosai a ƙasan ba, don dama layin nasa siriri ne.

A wannan aikin ban ga laifinsa ba. Yankansa daidai yake kowane lokaci, ba ya barin ɗan baƙin zare a gefe kamar yadda yatsa ke bari in ana sauri. Ya kuma kawar da wani ƙaramin ruɗani da na sha gani: agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa 2, sai mai saye ta ga ƙarfe 11 a saman hoto alhali 9 take gani a wayarta, ta ɗauka hoton jiya ne na sake ɗorawa. Ga kuma alamomin saƙo da ke nuna wa kowa irin manhajojin da kake amfani da su, abin da bai shafi ciniki ba.

Sai dai akwai iyakar da nake so duk mai sana'a irin tawa ya sani tun kafin ya saki jiki da shi. Maɓallin nan layukan wayar kanta kawai yake cirewa. Layin da manhaja ta shimfiɗa a samanta yana nan daram. Kuma a sana'armu can ne sirrin yake. In ka ɗauki hoton sitatus ɗin dila, sunansa yana sama, in kuma hoton hira ne ba ka adana lambarsa ba, lambar ce ƙuru-ƙuru za ta fito, ga ɗan hotonsa a gefe. A ƙasa kuma sau da yawa ya rubuta farashin sari. Ƙanwata da ke taya ni ta taɓa nuno min wani hoto kafin ta ɗora, ta ce, "Yaya, ai ya fita tas, ba agogo ba batir." Na ce mata ta sake duba ƙasan. Riyal 65 ne rubuce da Larabci, a kan abayar da muke sayarwa da ribarmu da kuɗin kago a sama. Hoton ya yi tsaf a ido har ya sa mutum ya daina dubawa, kuma wannan ne haɗarin.

Ga yadda nake bi da irin wannan hoto yanzu. In a cikin hira aka turo shi, ba na ɗaukar sikirinshot sam, asalin hoton ya riga ya sauka a Gallery kuma ya fi kyau nesa ba kusa ba. In a sitatus yake, sai in ɗora yatsa in danne fuskar wayar. Sitatus ɗin zai tsaya, sunan da ke sama ya ɓace, sannan in danna maɓallin kunna waya da na rage murya tare da ɗaya hannun. Da zarar an ɗauka, wani ɗan layi yakan bayyana a ƙasa na 'yan daƙiƙu, in taɓa alamar yanka da ke cikinsa. Sai in ja gefen sama ƙasa har ya taɓa kafaɗar abayar da ɗan sarari, in ja na ƙasa sama har ya wuce duk wani rubutu da baƙin fili, in adana. Kafin in ɗora nakan buɗe hoton in faɗaɗa kusurwoyi huɗun da yatsu biyu, domin wasu diloli suna manna lambar shago ƙanana a lungun hoton kansa, kuma ba wani maɓalli da zai gano maka wannan.

Kada a matse yankan fiye da kima. Sikirinshot ba ya wuce faɗin fuskar waya, 1080 a tawa. In ka yanke rabin faɗin don a ga aikin duwatsun hannun riga, saura 540, sai WhatsApp ya ƙara matse shi wajen turawa, adon ya koma dishi-dishi. Mai saye kuwa aikin take son gani. Sama da ƙasa nake yankewa sosai, gefe da gefe kaɗan kawai. In mai saye ta nemi ganin aikin da kyau, gara in roƙi dila ya turo asalin hoton.

Wani abu kuma da na lura da shi a Gallery: in ka gyara hoton da ka riga ka adana, wayar tana riƙe da na asalin, akwai Revert da ke dawo da shi yadda yake. Wanda ka tura wa yankakken yake samu, amma duk wanda ya riƙe wayarka zai iya dawo da abin da ka yanke. iPhone ma haka take yi a Photos. Ga mai barin waya a hannun yaran shago, wannan abin sani ne.

Akwai wurin da nake kashe maɓallin da gangan, wato shaidar biyan kuɗi ko hirar da aka yi saɓani a kanta. Hoton da aka datse ko'ina yakan sa ɗaya ɓangaren ya yi zargin an ɓoye wani abu. In wata Hajiya ta turo min shaidar tura kuɗi an yanke kwanan wata ko lambar shaidar, nakan ce, "Hajiya, don Allah a sake turo min cikakke." Ni ma cikakke nake turawa, da agogonsa da komai. Wasu manhajojin banki ma ba sa yarda a ɗauki sikirinshot, baƙi wuluk yake fitowa ko wayar ta ƙi, sai dai a bi ta maɓallin turawa da ke cikin manhajar.

Masu Tecno da Infinix da suka tambaye ni, abin yankan da ke fitowa bayan ɗaukar hoto ya ishe su, jan gefe biyu ne kawai ya ƙaru. Ga mai Samsung kuwa ina ba da shawarar a kunna shi a bar shi a kunne ranakun ɗora kaya, amma sunan dila da farashin sari da hannu ake cire su.