Manhajar lissafin layin tasiri da na saya: zane mai kyau, amma ido ɗaya gare ta

Manhajar nan da ake ta tallatawa a tsakanin injiniyoyin gada, wadda ke aiki a cikin Excel, ni ma na saye ta. Abin da ya ja ni gare ta shi ne alkawarin cewa za ta zana layin tasiri na babban bim ɗin gada, ta tura mota a kansa, sannan ta fitar da wurin da nauyin tayoyi ya fi yi wa bim ɗin illa. Ta fuskar zane ba ni da abin cewa. Da an sa tsawon bim da wurin da ake son dubawa, sai ta fitar da layin tsaf, tana nuna ƙarfin lanƙwasar da wurin zai ji idan nauyi guda ɗaya ya tsaya a kowane taku na gadar. Har na fara yaba wa abokan aiki ita, sai ga aikin wata ƙaramar gada ta ƙauye ya shigo ofishinmu.

Gadar mai tsawon mita 20 ce, zaune kan madogara biyu, ba ta da ginshiƙi a tsakiya. Na ɗora mata motar HB, wato motar gwaji mai nauyi ta ƙa'idar ƙirar gadoji ta BS 5400, wadda har yanzu da ita ake aiki a ofisoshi da yawa a Najeriya. Motar tana da aksil huɗu, tazarar mita 1.8 tsakanin na farko da na biyu, mita 6 a tsakiya, sai kuma 1.8 tsakanin na uku da na huɗu. Na zaɓi awo 30 na nauyin motar, wanda ke ba da kilonewton 300, wato kN 300, a kowane aksil, jimilla kN 1200. Domin gwaji ne, na bar nauyin duka a kan bim ɗaya, ban raba shi tsakanin bima-biman gadar ba, ban kuma ninka shi da adadin kariya da ake ƙara wa nauyi don a bar rara ba. Manhajar ta amsa da kNm 3660, ta rubuta cewa wannan shi ne mafi girman ƙarfin lanƙwasa a bim ɗin.

Abin da ya sa na yi shakka shi ne, da na riƙa matsar da motar da hannuna, adadin ya ƙi motsi. Dalilin yana cikin layin tasirin kansa. A tsakiyar bim mai mita 20, layin yana tashi daga sifili a madogara har ya kai 5 a tsakiya, ya sake gangarowa, don haka tsayinsa a kowane wuri rabin nisan wurin ne daga madogarar da ke kusa. Idan motar ta tsaya daidai wa daida a tsakiya, aksil ɗinta suna kan mita 5.2 da 7 da 13 da 14.8 daga madogarar hagu, tsayin layin a ƙarƙashinsu kuwa 2.6 da 3.5 da 3.5 da 2.6 ne, jimilla 12.2, wanda idan aka ninka da 300 ya ba da 3660. Idan aka tura ta har aksil na biyu ya hau tsakiyar, jimillar ba ta canjawa, domin abin da aksil na farko da na biyu suka samu wajen hawa, shi na uku da na huɗu suka rasa wajen gangara. Ashe lissafinta daidai ne, amma na tsakiyar bim ne kaɗai, ba ta taɓa leƙa wani wuri ba.

To, tsakiya ba ita ce wurin da ya fi shan wahala ba idan nauyin jerin aksil ne. Ƙa'idar tsohuwa ce, duk wanda ya zauna a ajin nazarin gini ya ji ta: a nemo cibiyar nauyin motar, a ɗauki aksil ɗin da ke kusa da ita, sannan a tsayar da motar yadda tsakiyar bim za ta raba tazarar da ke tsakaninsu biyu daidai. A motar HB cibiyar tana tsakiyar tazarar mita 6 ɗin nan, mita 3 ke nan daga aksil na biyu. Saboda haka aksil na biyu zai tsaya a mita 8.5, cibiyar kuma a 11.5. Madogarar hagu za ta ɗauki 1200 × 8.5 / 20, ya zama kN 510. Ƙarfin lanƙwasa a ƙarƙashin aksil na biyu kuwa shi ne 510 × 8.5 − 300 × 1.8, wanda ya ba da kNm 3795. Na sa manhajar da kanta ta zana layin tasiri na mita 8.5, na tara tsayinsa a ƙarƙashin aksil huɗun, ya ba ni 12.65, kuma 12.65 × 300 shi ne dai 3795 ɗin. Da bakinta ta ƙaryata kanta.

Gaskiya bambancin kNm 135 ne, bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kuma ba shi ne zai rusa gada ba. Da abin ya tsaya nan, da na ce manhajar ta ci kuɗinta, a dai riƙa bin bayanta da biro da takarda. Amsar mai sayarwar ce ta ɓata mini rai. Na aika masa lissafin layi bayan layi, na ce, "Injiniya, a duba wannan, manhajar tsakiya kawai take kallo." Ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ai kowa ya san lanƙwasa a tsakiya take fi yawa, adadin kariya zai rufe sauran." Maganar tsakiya gaskiya ce ga nauyi guda ɗaya ko nauyin da ke shimfiɗe daidai a duk tsawon bim, ba ga jerin aksil ba. Adadin kariya kuwa ba a sa shi domin ya rufe kuskuren da aka gani aka ƙyale ba.

Kuma illar ba ta tsaya a girman adadin ba, ta shafi wurin. Mota tana iya shigowa ta kowane ɓangare, don haka wurin da ya fi shan lanƙwasa biyu ne, mita 8.5 da mita 11.5. Wanda ya yarda cewa ƙololuwar tana tsakiya kaɗai, yana iya fara rage rodin ƙasan bim da wuri, daidai inda ake buƙatarsa cikakke.

Daga nan na daina yi mata uzuri, na shiga tona ta. Tazarar tsakiyar motar a kulle take a mita 6, alhali ƙa'idar ta ba da 6 da 11 da 16 da 21 da 26, a gwada a ɗauki mafi muni. A bim mai madogara biyu mita 6 ɗin ce ke fin illa, shi ya sa ba ta tonu a nan ba. Amma a gada mai ginshiƙi a tsakiya, layin tasiri na lanƙwasar da ke kan ginshiƙin tudu biyu gare shi, ɗaya a kowane ɓangare, kuma doguwar tazara ce ke iya ɗora aksil bibbiyu a kan kowane tudu. Haka nan a gajeren bim, kamar na mita 10, aksil biyu kaɗai ne ke kan gadar a wuri mafi muni, dole a sake neman cibiyar nauyin waɗanda ke kai, manhajar kuwa ba ta da ko gargaɗi a kan haka.

Ƙarfin da ke sauka a madogara ta same shi daidai, kN 912 idan aksil na farko ya tsaya a bakinta, domin wurin dubawar a nan ba ya canjawa. Ina ci gaba da amfani da ita wajen zana layi ga ɗaliban da ke zuwa mana koyon aiki, amma ban yarda adadinta ya shiga takardar lissafin da zan sa wa hannu ba. Na nemi gyara ko a mayar mini da rabin kuɗina, har yanzu shiru.