Firaima da hoda a goshi mai maiƙo: abin da na gani cikin wata biyu

Kumatuna ba su da matsala, har bushewa suke yi. Goshi da hanci ne ke ba ni wahala. In na yi kwalliya ƙarfe 7 na safe, kafin 11 sun fara sheƙi, zuwa 2 na rana kuwa fandeshon ya zame daga gefen hanci ya taru a lungu. Ba laifin wanke fuska ba ne, wuraren nan biyu sun fi sauran fuska yawan ƙofofin da ke fitar da maiƙo. Shi ya sa na sayi firaima mai silikon, wadda ake shafawa kafin fandeshon, da hodar gari mai silika, wadda ake dannawa a kan kwalliya don ta zauna, na yi wata biyu ina amfani da su.

Makon farko na ɓata shi da hannuna. Na riƙa lafta firaimar a duk fuska, kuma ban jira man da na shafa ya shiga fata ba. Da na ɗora fandeshon ina murzawa, sai ya fara dunƙulewa yana fita ƙanana-ƙanana kamar dattin da ke fita in an cuɗa jiki. Na ɗauka kayan ne ba su da kyau. Ashe yawa ne da gaggawa. Yanzu ina shafa mai mara nauyi, in jira minti 5, in ɗauki firaima da ba ta kai faɗin farcen ƙaramin yatsana ba, in danna ta da yatsa a goshi, karan hanci da gefensa kawai. Bayan minti 2 sai in ɗora fandeshon da soso, dannawa ba gogawa ba. Tun daga nan dunƙulewar ta tsaya.

Don in san ko firaimar na aiki da gaske, wata rana na sa ta a rabin goshi na dama, na bar na hagu, sannan na sa hoda iri ɗaya a duka. Hagu ya fara sheƙi wajen 11 kamar kullum. Dama ya kai kusan 1 na rana. Wato awa 2 ta ƙara mini, ba yini guda ba. A hanci ribar ba ta kai haka ba, amma ta hana fandeshon zamewa, kuma wannan kaɗai ya ishe ni dalilin ci gaba da sayenta.

Hodar ce ta fi ɗaukar nauyin aikin, kuma yadda ake sa ta ya fi irinta muhimmanci. Da buroshi nake kaɗa ta a da, rabinta na tashi a iska. Da na koma ɗan soson hoda, in diba, in karkaɗe a bayan hannu, in danna a goshi da hanci har ta kama, sai na ga bambanci a ranar. Sai dai tana da aibi biyu da ya kamata mai duhun fata ta sani. An ce ba ta da launi, amma in ta yi yawa fuska kan yi toka-toka. Sannan silika na mayar da hasken filashi, har na ga kaina a hoton dare da farin goshi alhali a madubi ba komai. Ranar da za a ɗauki hoto da filashi, hoda mai launin fatata nake sawa.

Abin da ya fi canza mini yini shi ne gyaran tsakar rana. A da, ina ganin sheƙi sai in ƙara hoda. Hoda a kan maiƙo caɓewa take yi, ta yi kauri, ta tsage a layukan goshi, launin ma ya ƙara duhu. Yanzu sai na fara ɗora takardar tsotse maiƙo, ko falle ɗaya na tishu, in danna daƙiƙa kaɗan ba tare da gogawa ba, in ɗaga. Sau da yawa wannan ya isa. In akwai saura, sai hoda kaɗan a hanci. Sau biyu nake yi, wajen 1 da wajen 4, kuma ina kaiwa 7 na yamma fuska ba ta caɓe ba.

Gumi kuwa ba su da maganinsa. Ana gane shi a tishu: gumi yana jiƙa shi ya bushe, maiƙo yana barin tabo da haske ke ratsawa. Ranar da na yi doguwar tafiya cikin zafi, zufa ta ratsa hodar ta bar layi a goshi. A irin wannan rana rage fandeshon nake yi, in bar firaima da hoda kawai a goshi da hanci.