Mayar da rendar falo ta rana zuwa ta magariba: a koma fayil ko a gyara hoton?

"Salam 'yan uwa. Na yi rendar wani falo da SketchUp da V-Ray, hasken rana ne, mai gida ya gani ya amince da zaman kujerun. Yanzu yana son ganin falon da yamma an kunna fitilu masu ɗumi, amma kada komai ya gusa daga inda yake. In gyara hoton a Photoshop ne, ko in koma in sake renda?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan fayil ɗin SketchUp yana hannunka, koma cikinsa. Photoshop na wanda fayil ya ɓace masa ne, ko wanda aka turo wa hoto kawai. Duka biyun ba za su motsa maka kujera ba, a nan kunnen doki suke. Inda suka rabu shi ne inuwa.

Hoton da ka riga ka fitar kamar miya ce da aka zuba wa gishiri. Hasken taga ya riga ya gauraya da launin bango da na kafet da na kushin, babu cokalin da zai tsamo shi. Idan ka kai shi Photoshop, abin da za ka iya shi ne ka ɗora leya mai shuɗi-shuɗi a Multiply don ɗakin ya yi duhu, sannan ka ɗora wata a Screen ko Linear Dodge (Add) ka shafa ruwan lemo kewaye da kowace fitila da burushi mai laushi. Daga nesa zai yi kama da yamma. Amma duba ƙafar teburin tsakiya. Inuwarta tana nan ta miƙe tana gudun taga, alhali yanzu ka ce haske daga fitilar kusurwa yake zuwa. Gefen kushin da ke kallon taga shi ne mai haske har yanzu, gefen da ke kallon fitilar kuma yana cikin duhu. Idan akwai tabon rana a ƙasa, mai siffar taga da sandunan ƙarfenta, sai ka goge shi da hannu ka sake zana tayil a wurin. Mai gida ba lallai ya iya faɗin abin da ya dame shi ba, zai dai ce hoton ya yi kamar an sa wa rana baƙin tabarau.

A cikin fayil kuwa, kashe rana kake yi ɗungurungum, inuwarta ta tafi tare da ita, kowace fitila ta haifi tata inuwar daga inda take tsaye. Kujeru ba ka taɓa su ba, don haka ba su da dalilin motsi. Abu ɗaya da ke iya gusawa shi ne kyamara, kuma nan ne mutane ke yin asara. Kafin komai, danna shafin Scene ɗin da ka yi rendar farko da shi, ka yi Save As da sabon suna, ka bar girman hoton yadda yake. Idan ba ka ajiye Scene ba tun farko kuma ka riga ka juya kallon, to sai ka ɗora tsohon hoton da sabon a kan juna kana daidaitawa har layin bango ya hau layin bango, aiki ne mai cin rai.

Bari in ba ka misalin wani falo da na yi, mita 5 da mita 6, babbar taga a yamma, tayil mai sheƙi, kujeru sun yi kusurwa. Rendar rana na yi ta da Exposure Value, wato EV, a kan 11. Da na kashe SunLight na rage hasken sama, na sa fitilu da ƙarfinsu na gaskiya, sai hoton ya fito baƙi ƙirin. A nan ne da yawa ke kuskure, su ɗauki ƙarfin fitila su ninka shi sau ɗari har wani abu ya bayyana. Fitilun ba su da laifi, idon kyamara ne yake tsuke kamar na mai tsayuwa a rana. Kowane mataki ɗaya da ka sauke lambar EV, hasken da ke shiga yana ninkuwa biyu. Na sauko daga 11 zuwa 7, matakai huɗu, wato ninki 16, sai ga falo ya fito. Amfanin barin fitilu a ƙarfinsu na gaskiya shi ne dangantakar da ke tsakaninsu ba ta lalacewa, ƙaramar fitila tana nan ƙarama kusa da babba, kamar yadda za su kasance ranar da mai wayarin ya ɗaura su.

Ga yadda na raba su. A Units na zaɓi Luminous Power (Lumens). Fitilar tsaye ta kusurwa na ba ta lumen 800, kwatankwacin tsohon ƙwan nan mai wat 60. Fitilun tebur biyu da ke gefen doguwar kujera, 450 kowacce. Dukansu Sphere Light ne ƙarami a cikin hular fitilar, a kan zafin launi 2700K. Na silin kuma IES Light ne, don su zana wannan bakan haske a jikin bango, amma na rage su sosai. Wannan ragewar ita ce ta ba hoton yamma. Idan hasken silin ya fi ƙarfi, ko'ina zai haskaka daidai wa daida, falon ya koma ɗakin jira na asibiti ko da launinsa ruwan zuma ne. Yanayin magariba a ɗaki tafkuna ne na haske da duhu a tsakaninsu. Haske yana raguwa da sauri: ka ninka nisa biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Injin renda yana lissafa wannan da kansa a kan kowane matashi da kowace ƙafar kujera, a Photoshop kuwa da ido za ka kintata.

Hular fitila tana da nata sharaɗin. Idan ka bar ta da fenti na yau da kullum, haske zai fita ta sama da ƙasa kawai, ita kuma ta zauna baƙa kamar bokiti. Ba ta kayan Two Sided don haske ya ratsa ta, kuma ta kasance fuska ɗaya marar kauri. In ka ga ɗige-ɗige masu ƙyalli sun watsu a bango kusa da ita, duba ko ƙwallon hasken yana taɓa jikin hular ko ƙarfen da ke riƙe ƙwan.

Sai launi, wanda a ganina shi ya fi wahalar da masu farawa. Hasken rana yana wajen 5500K zuwa 6500K, tsohon ƙwai mai zare kuma 2700K. Idan ka bar White Balance a inda yake na rana, falon gaba ɗaya zai zama ruwan lemo, farin bango ya koma kamar an shafa masa manja, shuɗin kafet ya zama toka. Idan kuma ka sauke shi har ya yi daidai da fitilun, za su koma farare, ɗumin ya gudu. Ni a VFB, tagar da V-Ray ke nuna renda, na tsayar da shi wajen 4500. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in kalli abu mafi fari a ɗakin, in ga ko har yanzu ido zai kira shi fari mai ɗan ɗumi. Kuma kada ka mai da taga baƙa. Bar ɗan shuɗin sama na bayan faɗuwar rana ya shigo ta labule, da Dome Light mai rauni ko hoton sama na almuru. Ɗumi ba ya bayyana sai da sanyi a gefensa. A falon nan, ɗan shuɗin da ya kwanta a hannun kujerar da ke kusa da taga shi ya sa fitilun suka yi kyau, ba ƙarfinsu ba.

Tayil mai sheƙi da gilashin taga su ne suka fi tona asirin gyaran Photoshop. Da rana tayil yana ɗauke da hoton taga mai haske. Da yamma ya kamata ya ɗauki hoton fitilu, gilashin taga ma ya fara zama madubi yana nuna cikin ɗaki. Renda tana ba ka wannan kyauta. Da hannu kuwa sai ka kwafi kowace fitila ka kifa ta ka dusashe, ka goge tsohon hoton tagar daga ƙasa. Ga kuma matsalar JPEG: idan ka danne shi ya yi duhu sosai, bango mai santsi yakan fashe ya zama zobe-zobe, taga da ta ƙone fari fat kuma babu abin da za ka dawo da shi daga cikinta.

Inda Photoshop ya yi nasara shi ne lokaci da wuta. Ba ya jiran renda, ba ya cinye batirin kwamfuta. Rendar dare kuma ta fi ta rana nauyi, domin ƙananan fitilu da yawa suna kawo ɗige-ɗige kamar yashi a lungunan da ke duhu, sai ka ƙara inganci ka kunna Denoiser. Idan hoton rana mai laushi ne, babu tabon rana, babu inuwa mai kaifi, ƙasa kafet ce, kuma za a kalle shi a waya ne kawai, gyaran hannu zai iya wucewa. Ban da haka ba zan kai wa mai gida shi ba.

Akwai abin da zai rage maka wahala tun daga wannan aikin. Daga V-Ray 5 akwai Light Mix a cikin Render Elements. Idan ka ƙara shi kafin renda, kowace fitila ko rukunin fitilu tana fita a nata layin, sai ka riƙa ƙarawa da ragewa da canza launi bayan an gama, ba tare da sake renda ba. Wato gishirin da yajin kowanne a kwanonsa. Amma ka san iyakarsa. Fitilar da ba ta cikin fayil lokacin renda ba za ta bayyana ba, don haka ba zai ceci tsohon hotonka ba. Kuma idan ka yi renda rana tana kunne da ƙarfinta, sannan ka kashe ta ka ɗaga fitilun, sukan fito da yashi, saboda injin ya kashe ƙoƙarinsa a kan hasken da ya fi rinjaye. Ni ina amfani da shi ne a ƙaramin hoto in nemo ma'aunin da nake so, in danna To Scene lambobin su koma fayil, sannan in yi babbar renda a yanayin yamma. Ajiye sakamakon a vrimg ko EXR, ba JPEG kaɗai ba, don in ya ce a ɗan ƙara fitilar kusurwa ka yi masa a minti ɗaya.

Idan za ka miƙa hoton, rubuta masa lambar ƙwan da ka yi aiki da ita. Yawancin ƙwayayen da ake saya a kasuwanninmu farare ne tas, masu 6500K a jikin kwali. In mai wayarin ya ɗaura su, falon ba zai yi kama da abin da ka nuna ba, kuma kai za a kira. Ce masa a nemo mai Warm White, 2700K ko 3000K, kuma a raba makunnin fitilun silin da na fitilun gefe, don a iya kashe na sama a bar na ƙasa kamar yadda yake a hoton.