Farin zanin gado ko ruwan toka a ɗakin baƙi a Jos?

Fari ba ya ɓoye komai, shi ya sa baƙo yake sakin jiki da shi: yana ɗaga bargo ya ga wankakke ne. Yana kuma jure bilic da ruwan zafi. Matsalarsa a Jos hunturu ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana shigowa ta taga, ga baƙo ya shafa basilin saboda kaushi, sai rigar filo ta yi jirwaye rawaya-rawaya daidai inda kai yake kwanciya. Wankin ruwan sanyi ba ya fitar da wannan maiƙon, sai an jiƙa da ruwan ɗumi da omo.

Ruwan toka mai haske yana ɗauke ƙura, kuma gadon da aka shimfiɗa ya jira baƙo mako guda ba zai nuna ba. Amma bilic yana ɓata shi da tabo, kuma a ɗaki mai ƙaramar taga yana ƙara duhu.

Ni dai zanin ruwan toka nake shimfiɗawa, rigunan filo farare, domin nan fuska take sauka, kuma su ne masu sauƙin canzawa. Bargo mai kauri ruwan ƙasa a ninke a ƙafar gado, saboda sanyin asuba.