Tara gudummawa da waya da katin banki a Maraɗi: wace hanya za ku ɗauka?

Karon farko da muka tashi tara kuɗin gyaran famfon makarantar allo ta unguwarmu, lambar wayata muka baza. Wanda ya aiko da kuɗi sai ya ɗauki hoton saƙon ya jefa a zauren WhatsApp, sakatare yana rubutawa a littafi. Ranar lissafi littafi ya ce sefa 410,000, wayata ta ce 347,000. Bayan sallar la'asar wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ba zarginka nake ba, amma mutane za su tambaya, ina sauran?" Na ce, "Baba, wallahi ban taɓa ko dala ba." Kwana uku muna bin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Wasu an turo su sau biyu, wasu an sauya adadin da ke jikinsu, biyu kuma saƙon ƙarya ne da aka rubuta da hannu daga wata lamba. Abin da muka kasa ganowa na cika daga aljihuna. Tun ranar, duk hanyar da aka kawo mini, tambayata ta farko ita ce: wa ke shaida cewa kuɗi sun shigo, mai bayarwa ko kamfanin da ya karɓa?

Lambar mutum ɗaya ita ce mafi sauƙin farawa, kuma ga abin da ta jawo mini. Tana da wani cikas kuma: ƙa'idar babban bankin ƙasashenmu na sefa, BCEAO, ta 2015 ta sa abin da mutum ɗaya zai ajiye a asusun waya kada ya wuce sefa miliyan 2, don haka babban aiki yana iya cika ta ana tsakiyar tarawa. Dandalin ƙasashen waje irin GoFundMe ba ya buɗe wa mazaunin Nijar asusun karɓa, sai ku jingina da wani ɗan'uwa a Faransa ko Amurka, kun sake komawa aljihun mutum ɗaya ke nan. Asusun naira a Katsina ko Jibiya yana da amfani ga ƴan'uwan da ke can, amma canji zai ci rabonsa kafin kuɗin su iso Ɗan Isa.

Lambar ƴan kasuwa da sunan ƙungiya, a Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, ta fi lambar mutum ɗaya nesa ba kusa ba, domin mai aikowa yana ganin sunan ƙungiya kafin ya tabbatar. Haka ma bi ta gidajen aika kuɗi irin Nita da Amana, waɗanda kowa a garin nan ya saba da su. Sai dai kowace lamba da littafinta, ma'aji zai riƙa haɗa lissafi uku ko huɗu da hannu, kuma ɗan unguwar da ke Turai da katin Visa ba shi da ƙofar shiga.

Ni abin da na fi so shi ne kamfanin da ke haɗa hanyoyin biya duka wuri ɗaya. Akwai irinsu a yankin sefa, kamar CinetPay na Abijan, FedaPay na Kwatano da PayDunya na Dakar, kuma kowanne kuka tunkara ku fara tambayarsa waɗanne layukan Nijar yake karɓa a yau. Yadda abin ke tafiya ba shi da wuya. Kuna samun linki ɗaya da za ku baza. Mai bayarwa ya danna, ya zaɓi adadi, ya zaɓi layinsa, ya rubuta lambar wayarsa. Nan take tambaya ta fito a wayarsa daga kamfanin layin, ko a ba shi lambar da zai buga, sai ya sa lambar sirrinsa a can cikin wayarsa. Kamfanin layi ya cire kuɗin, ya sanar da kamfanin haɗa biyan, shi kuma ya rubuta kyautar da lambar shaidarta, da lokacinta, da adadinta. Mai kati ta wannan ƙofar yake shiga shi ma, sai dai bankinsa ne zai aiko masa lambar tabbatarwa ta wucin gadi, tsarin da ake kira 3-D Secure. Duka suna zuba cikin lissafi ɗaya, wanda shugaba da ma'aji da sakatare za su iya dubawa kowa daga wayarsa. Wannan shi ne abin da ya saye zuciyata. Babu wanda zai sake turo hoto ya ce ya biya, abin da ba ya cikin lissafin kamfani bai shigo ba.

Kowace kyauta tana ɗaya daga cikin hali uku: ta shiga, ta faɗi, ko tana jira, abin da allo kan nuna da En attente. Wannan na ukun ne ke haddasa rigima. Rezo ya yanke bayan an cire wa Hajiya kuɗinta amma labari bai kai ba, ta sake biya, an cire sau biyu. Ku gaya wa mutane tun farko: in an cire kuma bai nuna ba, kada a maimaita, a kawo lambar shaidar da ke cikin saƙon kamfanin layi. Yawanci yakan daidaita da kansa, ko ya shiga ko a mayar. Kuma ma'aji kada ya ƙidaya mai jira cikin abin da aka samu.

Ga lissafin aikinmu na biyu, na sa wa famfon pano da sabon inji. Muna neman sefa 1,200,000. Mutum 360 suka bayar ta waya, jimillarsu 540,000, wato kusan jika ɗaya da rabi kowane mutum. Mutum 22 kacal suka bayar da kati, amma nasu ya kai 660,000, domin ƴan unguwa ne mazauna waje. Kamfanin da muka ɗauka ya cire kashi 3.5 cikin ɗari a kan na waya, 18,900 ke nan, da kashi 4 a kan na kati, 26,400. Abin da ya shigo banki 1,154,700. Mun yi murnar cika adadi, sai ga giɓin 45,300 ranar biyan mai aiki. Da mun sani da 1,250,000 muka sanar tun farko, don in an cire kashi 4 a kansa 1,200,000 daidai ke saura.

Wurin da za ku zura ido a takardar farashi shi ne ko akwai tsayayyen kuɗi a kan kowace kyauta bayan kason. A Amurka an saba da kashi 2.9 da santi 30 a kan kowane biyan kati, kuma santi 30 ya haura dala talatin tamu. Ga mai ba da 30,000 wannan ba komai ba ne. Amma a ce an ɗora sefa 100 a kan kowace kyauta ta waya: mai sayar da ƙosai da ta ba da 500, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sadakarta ya tafi, kuma a kan mutum 360 ɗinmu ƙarin 36,000 ne. Wanda tarawarsa ta ƙananan kuɗi ce ya ɗauki mai kaso zalla, ko da kason ya ɗan fi tsada. Ku tambayi kuma kwana nawa ake yi kafin a zuba muku kuɗin a banki, ko akwai kuɗin zubawa, da mafi ƙarancin abin da ake fitarwa. A rubuce za a ba ku amsa, ba a baki ba.

Wani ƙaramin abu da ya ba mu mamaki: mu da dala muke ƙirga, na'ura kuwa sefa ta sani. Mutum ya rubuta 100 yana nufin dala ɗari, sai sefa 100 ta tafi, shi kuma yana ganin ya ba da 500. Mun magance shi da sa adadi shiryayyu, 500, 1,000, 2,000 da 5,000, mutum ya taɓa wanda yake so.

To, yanzu macuta, domin ƙofar kati tana da nata baƙin. Wata safiya muka tashi muka tarar da gwaji sama da hamsin na sefa 500 da kati, cikin dare ɗaya, da sunaye kala-kala da ba mu sani ba, mafi yawansu sun faɗi. Ɓarayi ne ke gwada lambobin katin sata, kuma suna son wurin sadaka domin yana karɓar ƙaramin kuɗi ba tare da tambayar adireshin kai kaya ba. Waɗanda suka shiga ba riba ba ne. Mai katin na gaskiya zai kai ƙara bankinsa, a janye kuɗin ko bayan wata biyu ko uku, wani lokaci har da tara a kanku, kuma in abin ya yawaita a rufe muku asusun. Mun mayar da su da kanmu, muka ɗaga mafi ƙarancin kyautar kati zuwa 5,000, muka nemi a tilasta 3-D Secure a kan kowane biya. Kamfanin da ya ce ba zai iya wannan ba, ku wuce shi.

Akwai mai kira da ladabi ya ce, "Alhaji, jika goma na yi niyya sai jika ɗari suka tafi, don Allah a maido mini ragowar ta wannan lambar." Katin sata ne. Kun aika masa kuɗi masu tsabta, daga baya banki ya janye jika ɗarin duka. Mayarwa ba ta bin wata hanya sai wadda kuɗin suka zo ta cikinta. Akwai kuma masu kwafe hoton aikinku da sunan ƙungiyarku su maƙala nasu linkin, su baza a zauruka. Alamarsu ɗaya ce: za su nemi ka rubuta lambar sirrin asusun wayarka a wurinsu, ko wani ya kira ya ce daga kamfani yake, a karanto masa lambar da ta shigo. Hanyar gaskiya ba ta neman wannan, lambar sirri tsakaninka da wayarka take. Mu a masallaci liman ya sanar, aka kuma manna takarda mai sunan da zai fito a allo lokacin biya, don wanda ya ga wani suna daban ya tsaya.

Kamfanin kirki shi ma zai tambaye ku takardu: shaidar amincewar hukuma da ƙungiyarku, dokokinta, katin shaidar shugabanni, da RIB, wato takardar da ke ɗauke da lambar asusun banki mai sunan ƙungiya. Wanda ya ce zai buɗe muku yau-yau ba takarda, ku ba shi lambar ma'aji kawai, ku ji tsoronsa. Asusun bankin kuma ya zama sai da sa hannun mutum biyu ake fitar da kuɗi.

Kafin ku sanar da kowa, ku yi gwaji da kuɗinku. Mutum uku su aika 500 daga layuka uku, ɗan'uwa ɗaya a waje ya aika 5,000 da kati, a mayar da kyauta ɗaya don a ga kwana nawa take ɗauka, sannan a nemi a zuba ragowar a banki. Mu a gwajinmu muka gano layi ɗaya ba ya wucewa sam, aka gyara shi kwana huɗu kafin sanarwar Juma'a.